Dogo da gajere: me manyan bincike suka gano kan ciwon zuciya da cutar kansa?

Wato akwai wata magana da take yawan dawowa, yau ka ji an ce dogaye sun fi kamuwa da kansa, gobe ka ji an ce gajeru ne ciwon zuciya ya fi kamawa, sai mutum ya rasa wanne zai ɗauka. To duka biyun suna da tushe, kuma ba ƙananan bincike ba ne suka nuna haka, miliyoyin mutane aka bi shekara da shekaru. Abin da ke damuna dai shi ne yadda ake ba da labarin, a tsorata mutum da abin da ba shi da ikon canzawa, ba tare da an faɗa masa girman haɗarin ba.

Bari mu fara da kansa ɗin. A 2011 masu bincike na jami'ar Oxford sun fitar da sakamakon bibiyar mata kusan miliyan 1.3 a Birtaniya, a cikinsu sama da 97,000 sun kamu da kansa a lokacin da ake bibiyar tasu. Suka ga duk ƙarin santimita 10 na tsayi, haɗarin kansa yana ƙaruwa da kashi 16 cikin ɗari. Kuma ba iri ɗaya ba, cikin iri 17 da suka duba an ga abin a guda 10, akwai ta hanji, ta mama, ta mahaifa, ta ƙwan mace, ta ƙoda, ta jini, da wata kansar fata mai tsanani da ake kira melanoma. An yi lissafi da arzikin mace, da shan giya, da ƙiba, da yawan haihuwa, amma alaƙar tana nan ba ta gushe ba. A 2015 kuma aka gabatar da wani daga Suwidin mai mutum miliyan 5.5, su kuma suka samu kashi 18 ga mata, kashi 11 ga maza, a kan santimita 10 ɗin dai.

Nan fa nake so a tsaya a fahimta, don a nan ake ruɗewa. Kashi 16 ɗin nan ba yana nufin a cikin dogayen mata 100 guda 16 za su kamu ba, a'a. Ma'anarsa idan ka ɗauki gungun mata biyu masu yawa ɗaya, ɗaya gungun ya fi ɗayan tsayi da santimita 10, in an samu 100 sun kamu a na farko to za a samu wajen 116 a na biyu. Ƙari ne na gaske amma ɗan kaɗan ne ga mutum guda. Ka kwatanta da taba sigari, wadda take ninka haɗarin kansar huhu sau 15 zuwa 30, ka ga ai ba a ma haɗa su.

To me ya haɗa tsayi da kansa? Bayanin da ya fi sauƙi shi ne dogon mutum ya fi yawan ƙwayoyin jiki, kansa kuwa daga ƙwaya ɗaya take farawa idan ta samu tangarɗa wajen rabuwa, to in ƙwayoyin suka yi yawa damar a samu wadda za ta kauce ma ta ƙaru. Wani masani Leonard Nunney ya yi wannan lissafin a 2018, ya nuna yawan ƙwayoyin kaɗai ya isa ya bayyana mafi yawan abin da ake gani. Ɗaya bayanin kuma sinadaran girma ne, musamman wanda ake kira IGF-1, shi ke sa yaro ya miƙe, shi ne kuma ke zuga ƙwayoyi su yi ta rabuwa. Akwai wasu mutane a ƙasar Ekwado masu larurar Laron, jikinsu ba ya amsa sinadarin girma, gajeru ne sosai, an bibiyi 99 daga cikinsu fiye da shekara 20 amma mutum ɗaya tak aka samu da kansa, ita ma ba ta kashe shi ba, alhali danginsu masu tsayi daidai suna kamuwa kamar kowa. Ni kam wannan labarin har yau yana ba ni mamaki.

Ɓangaren zuciya kuma sai abin ya juya. A 2010 wasu masu bincike a Finlan suka tattara bincike 52 da suka ƙunshi mutum sama da miliyan 3, suka ga waɗanda suka fi gajarta haɗarinsu na ciwon toshewar jijiyoyin zuciya ya kai ninki ɗaya da rabi na waɗanda suka fi tsayi. Da farko mutane da yawa sun ce ai talauci ne, yaron da bai samu abinci mai gina jiki ba ko ya yi ta fama da cututtuka yana ƙarami ba zai kai tsayinsa ba, kuma irin wannan tasowar tana taɓa zuciya idan ya girma. Akwai gaskiya a ciki sosai. Amma a 2015 ƙungiyar Farfesa Nilesh Samani ta jami'ar Leicester ta bi ta wata hanya, maimakon awo da tef sai suka duba alamomin gado 180 masu alaƙa da tsayi a jikin mutum kusan 200,000, tunda gado ba ruwansa da ko gidanku akwai kuɗi ko babu. Suka samu duk raguwar santimita 6.5 da gado ya jawo, haɗarin ciwon yana ƙaruwa da kashi 13.5. Kusan kashi ɗaya bisa uku na alaƙar kitsen jini ne ya bayyana shi, wato kwalastaral mara kyau da wani kitsen da ake kira triglycerides, wasu kuma na ganin ƙarfin huhu ma yana da hannu.

Sai dai kar dogo ya ce zuciyarsa ta tsira gaba ɗaya. Dogaye sun fi samun wata matsalar da bugun zuciya ke rikicewa ya daina tafiya daidai, wadda kan iya kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki, sun kuma fi samun daskarewar jini a jijiyar ƙafa, wanda gudan jinin kan ɓalle ya tafi huhu. Dalilin na ƙafar ana ganin shi ne jini yana da doguwar tafiya kafin ya hauro sama.

In aka haɗa duka fa, wa ya fi tsawon rai? Wani babban nazari na 2012 da ya tattara mutum sama da miliyan 1 ya nuna duk ƙarin santimita 6.5, mutuwa ta dalilin zuciya da jijiyoyin jini tana raguwa da kashi 6, ta kansa tana ƙaruwa da kashi 4, jimillar mutuwa ta kowane dalili kuma ta ragu da kashi 3 kacal. Kusan kunnen doki kenan.

Wani abu da ya kamata a sani, yawancin waɗanda aka yi wa binciken nan Turawa ne ko masu tsatson Turai, don haka lambobin ba lallai su zauna daidai a kan kowace al'umma ba, kuma gajarta ta gado daban take da gajartar da yunwa ta jawo. Wannan ta biyun ce ta fi tsaya min a rai gaskiya, domin ita ana iya hana ta, tun daga lafiyar uwa lokacin goyon ciki zuwa shekaru biyun farko na yaro. Babba kuwa tsayinsa ya riga ya tsaya, ba likitan da zai ce a rage ko a ƙara, abin da zai tambaye ka dai shi ne kana shan taba, yaushe rabonka da awon hawan jini da suga da kwalastaral, idan kuma shekarunki sun kai na gwajin kansar mama ko ta hanji kin je an duba ki?