Tukunya ta Uku

Ƙarar Tukunya ta Uku ta canja tun kafin a kunna fitilun safe. Rabi ta saƙale ƙafarta a madaurin bango don kada ta yi ta shawagi, ta kara kunne a jikin ƙarfen. Wani gurnani ne ƙasa-ƙasa, yana zuwa yana ɗaukewa. Ta kashe injin, ta jira gangar ciki ta daina juyi, sannan ta ɗauko sifana.

A tashar da ke kewaya duniyar Mas babu nauyin da zai kwantar da ruwa a gindin tukunya. Dole ganga ta yi ta juyawa tana manna fitsari a bangonta, a zuƙe iskar ciki har ya tafasa ba tare da zafi mai yawa ba, a kama tururin, a bi da shi ta matatai, a sa masa aidin. Gumin mutane da numfashinsu ma ba a bari, na'urar sanyaya iska tana tattara su ɗigo-ɗigo. Ruwan da mutum 120 suka sha jiya shi za su sha gobe.

Noti na ƙarshe ya kwance. Da ta janye murfin, farin gari ya taso ya bazu a gaban fuskarta. Bututun da ya kamata yatsanta ya shige ya toshe da wani farin dutse, sai 'yar ƙofar da allura za ta wuce.

"Rufe hancinki, 'yata."

Ba ta ji shigowarsa ba. Baba Iliya ya riƙe bakin ƙofa da hannu ɗaya, ya miƙo mata takunkumi da ɗayan. Shi ya haɗa tukwanen nan uku tun tana goye, kuma a hannunsa ta koyi riƙon sifana.

"Baba, wannan fa? Wata biyu kacal da wanke ta."

"Ƙashinmu ne," in ji shi. "Jikin da ba ya ɗaukar nauyi zubar da kalsiyam yake yi. Ya fita ta fitsari, ya haɗu da asid ɗin da muke zubawa, ya daskare. Kin san wannan."

"Na san shi a takarda. Ban san ya kai haka ba."

Ta juya ga allon bango. Lambar tana nan kore shar: kashi 98 cikin 100 na ruwan tasha yana dawowa. Wannan lambar ake nunawa a ɗakin cin abinci, ita yara ke karantawa kowace safiya kafin darasi. Rabi ta zaro ɗan littafi daga aljihun gwiwarta, hannunta yana rawa.

"Na daina yarda da allon, Baba. Da kaina nake auna tankin dagwalo. Lita 1,200 muke tacewa kullum. In da 98 ne, lita 24 za mu riƙa asara. Abin da nake gani 108 ne. Kashi 91 ke nan."

Dattijon bai karɓi littafin ba, bai ma kalle shi ba. A nan gabanta ya faɗi.

"Ka sani."

"Ni na tsayar da lambar."

Famfon Tukunya ta Ɗaya ya ci gaba da bugawa a bayansu. Ta Biyu ta mutu tun bara, an yi ta cire kayanta ana yi wa sauran faci har ta zama kwango.

"Ajiyarmu lita 19,000 ce," Rabi ta ce, muryarta a shaƙe. "Kwana 176. Jirgin kaya kuwa sai nan da wata 11, kuma ba mai iya hanzarta shi. Sai Duniya da Mas sun daidaita, sau ɗaya a wata 26. Baba, akwai jarirai a sashen kwana!"

"Saboda su na yi. Ranar da lambar nan ta yi ja, kowa zai fara ɓoye ruwa a jaka, a safar hannu, a duk abin da ya samu. Ruwan da aka ɓoye ba ya dawowa tukunya. Kwana 176 ɗinki zai koma 60."

"To sai mu yi shiru har tanki ya ƙafe?"

"A'a. Akwai wani tankin da ba ya cikin lissafinki."

Ta san wanda yake nufi. Ruwan da ke cikin bangon sashen kwana, wanda ke tare musu hasken nan mai kisa duk lokacin da rana ta yi aman wuta. Tun tana ƙarama aka ja mata kunne cewa ba a taɓa shi.

Lasifikar bango ta yi ƙara. Muryar shugabar tasha ce, a natse kamar kullum.

"Sashen ruwa, mun ga Ta Uku a kashe. Lafiya dai?"

Baba Iliya ya miƙa hannu zuwa maɓallin amsawa. Rabi ta dunguri bango da ƙafa, ta riga shi isa.

"Ranki ya daɗe, Rabi ce. Ki sauko yanzu. Ki zo ke kaɗai."