Wasiƙar Ƙorafi Zuwa Ga Sadisu

Gwammaja, Kano
20 ga Fabrairu, 2025

Zuwa ga aminina Sadisu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa da aka saba buɗe wasiƙa da ita, yau na riƙe abata, sai ka gyara hali. Ka dai gaishe min da Inna, ita ba ta yi min komai ba, illa haihuwarka da ta yi ba ta duba kunnuwanka ba.

Dalilin rubuto maka wannan takarda shi ne azabar da ka gana min ranar da muka tafi Zariya ɗaurin auren ƙanenka. Da na kira ka a waya, to amma wayar taka ma waƙar nan take yi wa mai kira, ni kuwa na rantse ba zan sake jin ta da kuɗin katina ba.

Tun daga Na'ibawa ka kunna waƙa ɗaya tal. Muka wuce Kura tana yi. A Kwanar Dangora na roƙe ka don Allah don Annabi ka canza, ka ce in bari a zo wajen da ya fi daɗi. Sadisu, har muka shiga Kofar Doka wajen nan bai zo ba. Sau 19 ta maimaita, na ƙirga, don ba ni da wani aikin sai ƙirge da istigfari. Baitin nata ma guda nawa ne? Mutum ya shiga sitidiyo, an danna masa fiyano, an matse masa murya da na'ura har ta koma kamar ta akuyar da ta maƙale a danga, yana ta faɗa wa wata yarinya wai ita ce zuciyarsa, ita ce hantarsa, ita ce ƙodarsa. Wannan soyayya ce ko teburin mahauci?

Abin da ya fi ci min rai, kana bi. Kana tuƙi, kana lumshe ido, kana dukan sitiyari. Kawu Ilu da ke baya ya ciro carbi, kai ka ɗauka zikirin safe yake. Ba shi ba ne, neman tsari yake.

Kuma ba rashin tarbiyya ba ne, shi ya sa abin ke ba ni mamaki. Tare muka tashi muna jin kaset ɗin Shata a rediyon Baba, kalangu na magana kamar mutum. Ka san Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, tsirkiya ɗaya tak, amma sai ya zaunar da taro ya koya musu zaman duniya. Ka ji kotso, ka ji gurmi, ka ji kiɗan ƙwarya a bikin yayyenmu. Duk wannan ka tsallake, ka je Farm Centre ka ba masu tura waƙa memori, da alama ka ce musu su zuba maka duk abin da kowa ya ƙi. Ni ba na gaba da waƙar zamani, akwai yaran da in suka rera sai tsigar jikinka ta tashi. Kai ne dai Allah ya hore wa baiwar tsinto ruɓaɓɓen tumatir a cikin kwando. Na so in ce halin Zagezagi ne, sai na tuna ko su sun ce in faɗa maka ba da yawunsu ba.

To, ga maganar da ta sa na ɓata biro. Na samu labari kana yawo kana cewa tunda kai ne babban aboki, kai za ka zaɓi kiɗan bikina bayan ƙaramar Salla, har ka fara haɗa wa DJ jeri. Ahir ɗinka! Shekara biyu ina zarya gidan su Hafsa kafin a ba ni ita, ba za ka kore min dangin amarya cikin minti biyar ba. Aikinka rabon goro da alawa, da tsare ƙofar mota. In na gan ka kusa da lasifika, ko gyaran waya ka je yi, zan sa yara su riƙe ka har a tashi.

Sifikar nan taka mai walƙiya kuma da ka manta a ɗakina tana nan lafiya. Na cire mata memori na ɓoye inda ko ni sai na yi tunani.

Ranar Asabar ka zo mu je wajen tela gwajin anko. Da motata za mu, rediyonta ya lalace, kuma ba zan gyara ba.

Naka, duk da haka,
Bashir

Af, na manta. Jiya Hafsa ta kama ni ina rera amshin waƙar nan a bakin famfo. Allah ya isa, Sadisu.