Takardar Ƙorafi Kan Soke Masaukin Otal a Makka

Unguwar Gyaɗi-Gyaɗi,
Kano.
9 ga Fabrairu, 2026.

Zuwa ga Shugaban Kamfani,
Sashen Hajji da Umara.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne game da masaukin da kamfaninku ya kama mini a Makka domin Umarar goman ƙarshe na watan Ramadan, wanda aka soke bayan na biya kuɗinsa gaba ɗaya.

A ranar 12 ga Disamba, 2025, na tura naira miliyan 4 da dubu 800 cikin asusun kamfaninku, kuɗin ɗaki mai gado biyu na kwana goma, daga 9 zuwa 19 ga Maris, a wani otal da ke titin Ibrahim Khalil, kuka ba ni rasit mai lamba 0417 tare da takardar tabbatar da masauki. Ranar Laraba, 4 ga Fabrairu, sai ga saƙo daga ofishinku cewa an soke ɗakin, ba tare da an faɗi dalili ba. Da na tuntuɓi otal ɗin da kaina, sun shaida mini cewa kuɗin bai isa hannunsu ba har wa'adin biya ya wuce. Sau biyu na zo ofishinku, abin da ake ce mini kawai shi ne in ƙara haƙuri.

Ma'aikacinku ya yi mini tayin wani masauki a Aziziyya, kuma ban amince ba. Ba don jin daɗi na zaɓi wuri mai tsada ba. Tare da mahaifiyata zan yi tafiyar, shekararta 74, a keken guragu ake tura ta saboda ciwon gwiwa, kuma shekaru ta yi tana burin yin Tarawihi da Tahajjudi a cikin Harami. Duk wanda ya san cunkoson Makka a waɗannan darare ya san cewa ɗauko tsohuwa a mota daga Aziziyya kowane dare ba abu ne mai yiwuwa ba.

Saboda haka ina neman ku kama mana ɗaki mai daraja irin ta wancan, mai kusanci da Harami kamarsa, a ranakun da muka yi yarjejeniya, kuma ku ɗauki nauyin duk ƙarin farashin da aka samu, tunda sakacin ba daga wurina ya fito ba. In hakan ya gagara, ku maido mini da kuɗina cif, ba tare da an cire ko kwabo ba, domin in nemi wani wurin tun da sauran lokaci, ganin cewa na riga na yanki tikitin jirgi.

Ina jiran amsarku a rubuce zuwa ranar Litinin, 16 ga Fabrairu. Idan ranar ta wuce ban ji daga gare ku ba, zan kai ƙara gaban Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda ta ba ku lasisi, duk da cewa na fi so mu warware maganar tsakaninmu. Na haɗo kwafin rasit, da shaidar banki, da takardar masaukin.

Na gode.

Naku,
Malam Habibu