Zuwa ga ɗana da ya tambayi dalilin 6 bisa 20

Assalamu alaikum ɗana. Mushenku na tarihi ya kawo min saƙonka, ya ce tun ranar da aka raba takardun bak bulan ranka a ɓace yake, har kana cewa ƙila an yi kuskure wajen lissafin maki ko kuma wanda ya gyara bai karanta ba. Ni ne na gyara takardar taka, kuma na karanta ta har sau biyu, shi ya sa na ga gara in rubuto maka da kaina tunda sauran lokaci kafin jarrabawar gaske.

Bari in fara da abin da ba gardama a kai, ka iya rubutu wallahi. Faransancinka tsaf yake, kuskuren nahawu kaɗan ne ƙwarai, rubutun hannunka ma ba ya wahalar da ido, kuma wurin nan da ka yi bayanin zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, yadda ya kewaye Birni da ganuwa, yadda maƙera suka riƙa ƙera bindigogi manya, ayarin raƙuma na sauka a Zango da kaya daga arewa, na ji daɗinsa har na karanta ma malamin da ke zaune kusa da ni. Duk cikin tarin takardun da aka ba ni ba wanda ya kai ka iya tsara magana.

To amma me aka tambaya? Suje ɗin cewa ya yi a bayyana dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke babban birnin Nijar daga Zinder zuwa Yamai a 1926, da abin da hakan ya jawo. Abu biyu ke nan, dalilai da sakamako. Kai kuma shafi huɗu ka cika, uku da rabi duk a kan daular Damagaram kafin zuwan Nasara, ka bi sarakuna ɗaya bayan ɗaya, ka zo kan kashe Kaftin Cazemajou a 1898, ka ba da labarin yaƙin Tirmini na 1899 kamar kana wurin, sai a can ƙasan shafi na huɗu 1926 ta leƙo, layi bakwai kacal, kuma daga yadda rubutun ya karkace na san lokacin an riga an ce saura minti biyar. Kamar ka kai wa tela yadi ne ka ce wando kake so, ya ɗinko maka babbar riga mai aiki har ƙasa, rigar ta yi kyau ba shakka amma kai har yanzu ba ka da wando.

Mu masu gyara ba da jin daɗinmu muke ba da maki ba, akwai barem da aka zauna aka tsara kafin a buɗe ko takarda ɗaya, kuma kowa da shi ake auna shi. Gabatarwa maki 3 ne, ka samu 1 saboda ka sa mu cikin zamanin amma ba ka fito da tambayar ba, ba ka kuma faɗi hanyar da za ka bi ba. Kyawun harshe da tsabtar takarda maki 2, na ba ka duka biyun ba ko tantama. Kammalawa 1 cikin 2. Inda abin ya lalace shi ne tsakiya, dalilai maki 8 ne ka samu 2, sakamako maki 5 ba ka taɓa shi ba sam, sifiri. Ka haɗa da kanka ka gani, 6 ne.

Maki 2 ɗin nan na dalilai ma saboda ka ambaci ƙarancin ruwa ne, kuma gaskiya ne, matsalar ruwan Zinder ba sai an gaya ma ɗan garin nan ba, ga Yamai kuma a bakin kogin Kwara take. Amma ka faɗe shi a jimla ɗaya ka wuce. Ina maganar Kano? Wannan ita ce ta fi ba ni haushi don na tabbata ka sani. Zinder kusa take da iyaka, kasuwancinta da danginta da malamanta duk kudu suke kallo, wajen Kano da ke hannun Ingilishi, jirgin ƙasa kuma ya riga ya iso Kano tun kafin yaƙin duniya na farko, to Bafaranshe ba zai ji daɗi a ce hedikwatarsa ta dogara da ƙasar abokin hamayyarsa ba, ya fi so ta koma yamma inda hanya ke bi ta Dahome zuwa teku duk cikin ƙasashen da yake mulka. Sannan akwai rashin yarda tsakaninsu da masarauta, a 1906 sun zargi Sarki Amadu ɗan Bassa da shirya musu maƙarƙashiya, suka tuɓe shi suka kai shi gudun hijira, gari ya daɗe ba sarki sai a 1923 aka maido da sarautar. Ka ga nan ne duk ilimin nan naka na tarihin fada zai yi maka amfani, da ka ɗauko shi ka ce ga dalilin da ya sa ba su saki jiki da garin ba, da maki ne zalla. Ko sunan gwamna Jules Brévié wanda a lokacinsa aka yi ƙaurar bai fito a takardarka ba, kuma ka rikita shekaru, ka sa 1922 a matsayin lokacin da Zinder ta zama babban birni alhali tun 1911 ne, 1922 shekarar da ƙasar ta tashi daga yankin mulkin soja ta zama koloni ce.

Sakamakon kuwa ko da hankali kaɗai za ka iya samo wani abu, ofisoshi da ma'aikata sun tashi, wurin yanke shawara ya koma nesa da mu kusan kilomita 900, Yamai da take ƙaramin gari ta fara bunƙasa, ita kuma Zinder ta ci gaba da riƙe kasuwancinta da Najeriya musamman gyaɗa. Sakin layi biyu masu hujja a nan da yanzu muna maganar 10 ko 11.

Wani abu kuma dan Allah ka kula, akwai wurin da ka rubuta cewa an ci amanar Damagaram, an ƙwace mata haƙƙinta. Ni ma ɗan garin nan ne, na san yadda maganar take a zuciyar mutane, amma a takardar tarihi in ka faɗi haka sai ka kawo abin da ya nuna, wa ya yanke shawarar, yaushe, don me. In ba hujja, mai gyara ba shi da inda zai rataya maki ko da ya yarda da kai ɗari bisa ɗari.

Na lura ba alamar ka yi tsari a takardar gwaji kafin ka fara, ka ga kalmar Zinder kawai bik ya kama gudu. Ranar bak, minti goma sha biyar na farko kar ka rubuta komai a takardar amsa, ka karanta suje sau uku, ka ja layi ƙarƙashin kalmomin da ke ba da umarni, ka rubuta tambayar da kalmominka a gefe, kuma duk sakin layin da ka gama ka dubi tambayar nan ka ga ko ya amsa wani ɓangare nata, in bai amsa ba ka bar shi komin kyansa. Ka raba lokacinka tun farko don kada kashi na biyu ya mutu a minti biyar na ƙarshe.

Ka sake rubuta wannan suje ɗin a gida, shafi uku ya isa, tarihin sarakuna kada ya wuce layi biyar a gabatarwa. Ka ba mushenku ya kawo min ranar Alhamis, zan gyara da barem ɗin nan dai in maido maka kafin hutu. Ka gaida mutan gida, Allah ya ba da sa'a.

Malamin da ya gyara takardarka