Hanyar Gudanar da Gwaji: Tasirin Yawan Takin Kamfa a kan Girman Masara a Cikin Bokitai

An gudanar da wannan gwaji ne a lambun makarantarmu da ke Tudun Wada, Zariya, daga farkon watan Nuwamba zuwa ƙarshen Disamba, wato bayan ɗaukewar ruwan sama. Da gangan muka zaɓi wannan lokaci, domin da a ce da damina muka yi shi, da ba mu da ikon sanin yawan ruwan da ya shiga kowane bokiti, kuma ruwan sama mai ƙarfi kan wanke taki ya tafi da shi. Tambayar da muka sa a gaba guda ɗaya ce: idan aka ƙara yawan takin kamfa da ake ba masara, shin tsayinta zai ƙaru a cikin makonni 6 na farko bayan an sa takin? Dukkan abin da za a bayyana a ƙasa an tsara shi ne domin amsar da za a samu ta zama ta wannan tambaya kaɗai.

Mun yi amfani da bokitan roba 20 masu cin lita 10, aka huda ƙasan kowanne huji 4 domin ruwa ya riƙa tsiyayewa, sannan aka zuba wa kowanne ƙasa kilo 10. Irin masarar guda ne, daga cikin ire-iren SAMMAZ da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ta fitar, kuma duk daga leda ɗaya aka ɗebo shi. Mun fifita masara a kan wake saboda wake yana da ƙulle-ƙulle a saiwarsa inda wasu ƙwayoyin halitta ke kama naitirojin daga iska su ba shi, don haka ba lalle ne ƙarancin taki ya fito fili a jikinsa ba. Ita kuwa masara ba ta ɓoye yunwa: da zarar naitirojin ya gaza, tsofaffin ganyenta na ƙasa za su fara komawa ruwan ɗorawa.

Abin sauyawa mai zaman kansa, wato abin da mu da hannunmu muka bambanta tsakanin bokitai, shi ne yawan takin kamfa samfurin NPK 15:15:15, wanda aka auna da giram. An raba bokitan gida 4, kowane rukuni bokiti 5. Rukuni na farko bai sami taki ko kaɗan ba, na biyu ya sami giram 2 a kowane bokiti, na uku giram 4, na huɗu kuma giram 6. Tun da kashi 15 cikin 100 na wannan taki naitirojin ne, giram 2 na ɗauke da giram 0.3 na naitirojin, giram 4 na ɗauke da 0.6, giram 6 kuma 0.9. An ce yana zaman kansa ne domin babu wani abu a cikin gwajin da ke yanke masa adadi. Mu ne muka yanke tun kafin a shuka, kuma ko masarar ta yi kyau ko ta lalace adadin ba zai canza ba. An sa takin sau ɗaya, kwana 10 bayan shuka, a ɗan rami mai nisan santimita 5 daga gindin tsiron, aka rufe da ƙasa, domin taki da ya taɓa jikin ƙaramin tsiro yana iya ƙona shi. A nan akwai iyaka da ya kamata mai karatu ya sani tun da wuri. Kamfa haɗi ne na naitirojin da fosforas da fotasiyam, kuma duk lokacin da muka ƙara shi, ukun muka ƙara tare. Saboda haka gwajin zai iya magana a kan yawan kamfa, amma ba zai iya ware ɗaya daga cikin sinadaran uku ya ce shi ne ya yi aikin ba.

Rukunin da bai sami taki ba shi ne ma'aunin kwatance. Bai kamata a rikita shi da abubuwan da aka tsare ba, waɗanda bayaninsu ke tafe, domin shi rukuni ne na tsirrai, su kuwa sharuɗɗa ne da suka hau kan bokitai 20 gaba ɗaya. Amfaninsa shi ne ya nuna iya girman da ƙasar ke bayarwa ita kaɗai. In babu shi, ko da masarar da ta sami giram 4 ta yi tsayi, ba mu da hujjar cewa ba haka za ta yi ba ko da ba a sa mata komai ba.

Abin sauyawa mai dogaro shi ne tsayin masara da santimita, kuma shi ne muke aunawa domin mu ga ko ya bi sauyin da muka yi wa taki. Cewa kawai "an auna tsayi" bai wadatar ba, domin ganyen masara yana lanƙwasa, kuma idan wani ya miƙar da ganye ya auna har ƙarshensa, wani kuma ya auna shi a lanƙwashe, za su sami lambobi biyu daga tsiro ɗaya. Saboda haka muka tsayar da ƙa'ida: ana aunawa daga saman ƙasar bokiti zuwa wuyan ganyen ƙarshe da ya gama buɗewa, wato inda ganyen ya rabu da kara har ana ganin ɗan zoben da ke gindinsa. A kowane bokiti an kafa ɗan tsinke da kansa ya yi daidai da saman ƙasa, a nan ake ɗora gindin rula, domin ban ruwa na kullum yana sa ƙasa ta lotsa, wanda zai iya ƙara wa tsiro tsayin da bai yi ba. An yi awo na farko a ranar sa taki, sannan kowace Litinin da ƙarfe 8 na safe har makonni 6. An kuma riƙa ƙirga ganyen da suka gama buɗewa a matsayin ƙarin shaida, amma tsayi ne babban ma'auni, kuma mun rubuta hakan tun kafin awo na farko domin kada daga baya mu karkata ga ma'aunin da ya fi yi mana daɗi.

Abubuwan da aka tsare su ne duk wani abu da zai iya shafar tsayin masara ban da taki, wanda muka daidaita shi a kan kowane bokiti. A ganinmu nan ne ƙarfin gwajin yake, kuma nan ne ya fi cin aiki. Ƙasar an haƙo ta daga wuri ɗaya a gefen lambun inda ba a saba zuba taki ko shara ba, aka shanya ta, aka tankaɗe tsakuwa da saiwoyi, sannan aka cuɗa ta gaba ɗaya a kan leda mai faɗi kafin a rarraba. Cuɗawar ba ƙaramin abu ba ce: da an cika bokitan farko da ƙasar sama mai duhu, na ƙarshe kuma da jar ƙasar ciki, to tun ranar farko wasu tsirran sun riga wasu samun abinci, kuma za a jingina wa kamfa aikin da ba nasa ba. An shuka ƙwaya 3 a kowane bokiti a zurfin santimita 4, duk rana ɗaya, kuma a ranar sa taki aka cire biyu aka bar ɗaya, ana zaɓar masu kusan tsayi ɗaya a dukkan bokitan.

Ruwa daga rijiya ɗaya ake ɗebowa, kuma kowane bokiti yana samun mililita 500 kowace safiya, da kofin awo guda. An ɗora kowane bokiti a kan faranti, abin da ya tsiyaye a mayar masa, domin ruwan da ya fita yana iya fita da narkakken taki, bokitin da aka rubuta masa giram 6 ya wayi gari da abin da bai kai haka ba. Ciyawa ana cire ta da hannu da zarar ta ɓullo, an kewaye wurin da waya saboda awaki da kaji, kuma ana duba cikin kunnen masara kullum saboda tsutsa.

Haske ya buƙaci kulawa ta musamman, domin yana iya yaudarar ma'aunin da muka dogara a kai. Tsiron da ke cikin inuwa yakan miƙe ya yi tsawo yana neman rana, karansa siriri, ganyensa a koɗe, kuma rula za ta nuna shi a matsayin wanda ya fi girma alhali shi ne mai rauni. Saboda haka aka jera bokitan a fili, nesa da katanga da itacen darbejiyar da ke gabashin lambun, da tazarar santimita 50 tsakanin bokiti da bokiti domin kada dogo ya yi wa gajere inuwa.

Akwai abubuwan da ba su tsaruwa. Sanyin hunturu da dare yana rage saurin girman masara, iska tana busar da ƙasa, ƙura kuma tana kwanciya a kan ganye, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke hannunmu. Abin da muka iya shi ne mu hana su faɗa wa rukuni ɗaya su bar sauran. An ba bokitan lamba 1 zuwa 20, aka rubuta lambobin a ƙananan takardu, aka jefa ƙuri'a domin yanke bokitin da zai sami wane adadin taki da kuma inda za a ajiye shi, sannan kowane mako bayan awo ana sake ƙuri'ar wurin ajiya, ta yadda babu bokitin da zai dawwama a bakin layi inda iska ta fi bugawa. Wannan ne kuma dalilin sa bokiti 5 a kowane rukuni maimakon ɗaya, domin ko a cikin leda ɗaya wata ƙwayar ta fi wata ƙarfi. Takardar da ke nuna adadin takin kowane bokiti tana hannun malamin aikin gona, ɗalibar da ke awo kuwa lamba kawai take gani, kuma ita ɗaya ce ta yi awon daga farko har ƙarshe da rula ɗaya, domin wanda ya san bokitin da ya fi samun taki hannunsa kan karkata ba tare da ya yi niyya ba.

Ana shigar da kowane awo a littafi nan take, tare da kwanan wata da lambar bokiti da duk wani abu da aka lura da shi, kamar canjin launin ganye ko cin tsutsa. Domin gano ƙarin tsayin kowane tsiro, an ɗebe tsayinsa na ranar sa taki daga tsayinsa na mako na 6, sannan aka haɗa na tsirrai 5 na kowane rukuni aka raba da 5 domin samun matsakaici. A zanen sakamako, yawan taki yana kan layin kwance, matsakaicin ƙarin tsayi kuma a kan layin tsaye. An kuma amince tun farko cewa idan wani tsiro ya mutu ba za a maye gurbinsa da sabo ba, za a rubuta ranar da abin da aka gani a jikinsa, a fitar da matsakaicin rukuninsa da adadin tsirran da suka rage.