Maganin gari na yara: kwana nawa yake yi bayan an zuba mai ruwa?

Salamu alaikum matan gidanmu na Argungu, Anti ce daga Birnin Kebbi. Maman Hafsat ta tambaye ni kan ragowar amoksisilin ɗin da ta haɗa wa yarinya tun watan jiya, wai ko ta ba ƙanenta tunda kwanan watan da ke jikin kwali bai wuce ba. Dan Allah kar ki ba shi. Wancan kwanan watan na busasshen gari ne, da zarar ruwa ya shiga kwalba sabon lissafi ya fara.

Amoksisilin wasu kamfanoni kwana 7 suke rubutawa wasu 14, to ki duba takardar naki, in ba ki gane ba ki tsaya kan 7. Ogumentin, wato amoksisilin ɗin da aka ƙara mai wani sinadari, shi ne mai tsautsayi, firij yake so dole, kuma ko a firij ɗin kwana 7 zuwa 10 ne ya gama, sinadarin nan da aka ƙara, zafi na kashe shi da wuri, za ki ga ya fara komawa ruwan ɗorawa ko ruwan ƙasa. Amma fa magani na iya rage ƙarfi kala bai canza ba, ki yi ta ba yaro zazzaɓi na nan. Azitromaisin kam bai buƙatar firij.

To mu da wuta sai ta ga dama fa? Inda aka rubuta a ajiye ƙasa da digiri 25 ko 30, ku tuna Afrilunmu na haura 40, ɗakin kwano kuwa ba a magana. Ki samo tukwanen ƙasa biyu, ƙarama cikin babba, ki cika tsakaninsu da yashi ki jiƙa shi sharkaf, ki rufe bakin da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa, safe da yamma a ƙara ruwa. Kwalbar ki murɗe murfinta tam ki ɗaure a leda ki tsayar da ita ciki. In babu, gindin randa cikin jiƙaƙƙen yashi ma ya fi kan taga ko kusa da murhu nesa ba kusa ba. Yara kar su kai gare ta, zaƙi gare shi.

Sai dai tukunya ba firij ba ce, da damina ma sanyinta raguwa yake don ruwan bai bushewa da sauri. In ogumentin ne gara ki roƙi maƙwabcin da ke da sola, a ƙasan firij ba wajen ƙanƙara ba. Ni a ganina abin da ya fi, tun a asibiti ki ce ba ki da firij, akwai ƙwayar amoksisilin ta yara da ake narkarwa a ɗan ruwa lokacin sha, ko su canza miki wani.

Wajen haɗawa ruwan da aka tafasa ya huce za ki zuba, daidai layin da ke jikin kwalba, ki rubuta ranar da biro, ki girgiza duk sanda za ki ba shi. Maman Hafsat naki ki zubar, ƙanen nata a kai shi a duba shi tukun.