Takardar Aikin Adabi: Kamantawa, Siffantawa da Mutuntarwa a Waƙar Hunturu

Darasi: Hausa (Adabi, rubutacciyar waƙa). Aji biyu na babbar sakandare, zango na biyu. Lokaci: minti 40. Maki: 30.

Ku rubuta amsa a littafin aikinku, da suna da kwanan wata a sama. A kan wannan takarda alama kawai za ku yi da fensir.

TUNATARWA KAFIN A FARA

Kamantawa ita ce a jera abubuwa biyu da ba jinsinsu ɗaya ba, a haɗa su da kalmar kamance: kamar, tamkar, sai ka ce, awa. Idan an daidaita su, kamancen daidaito ke nan (fuskarta kamar wata). Idan an ɗora ɗaya a kan ɗaya da kalmar fi, kamancen fifiko (ya fi zuma zaƙi). Idan an nuna ɗaya bai cim ma ɗaya ba, da bai kai ba ko ya gaza, kamancen kasawa.

Siffantawa ba ta neman ɗan tsakiya. Kai tsaye ake cewa wannan abu shi ne wancan: ilimi fitila ne. Mafi yawa za ku ga kalmar "ne" ko "ce" a wurin, amma marubuci kan jefar da su, kamar a kirari.

Mutuntarwa kuwa a ɗauki aiki, hali ko gaɓar da aka san ɗan Adam da ita a ba abin da ba mutum ba. A nan kalmar aikatau ce ke tona asiri. Ku tambayi kanku: wa aka sani da yin wannan aiki? Idan amsar mutum ce, kuma mai yin aikin a waƙar ba mutum ba ne, kun samu. Idan aikin na dabba ne, kamar a ce sanyi na cizo da haure, wannan dabbantarwa ce, ba da ita muke ba yau.

WAƘAR HUNTURU

Waƙar ƴar ƙwar biyu ce, baiti 9, ɗango 18, amsa-amonta "wa". An sa wa kowane ɗango lamba. Ku karanta sau biyu, na farko a bayyane, na biyu a zuci da fensir a hannu.

1. Hunturu ya sauka garinmu da asuba,
2. Bai yi sallama ba, ya ƙwanƙwasa ƙofar kowa.

3. Hazo ya rufe gari kamar mayafi,
4. Rana ta leƙo tana jin kunyar fitowa.

5. Iska wuƙa ce, tana yankan leɓɓa,
6. Kaushi ya tsage ƙafa tamkar ɓawon ɗorawa.

7. Ruwan randa ya fi ƙanƙara sanyi,
8. Mai alwala na taɓawa yana janyewa.

9. Murhu sarki ne, yara fadawansa,
10. Sun kewaye shi, ba mai shirin watsewa.

11. Kuka ta tuɓe rigarta tsakar gona,
12. Tana roƙon damina ta yi saurin dawowa.

13. Kamar ƙarfe bakwai Inna ta dama koko,
14. Muka sha da ƙosai, jiki ya soma warwarewa.

15. Rana tsaka haskenta bai kai na aci-balbal ba,
16. Bargon bana ya fi na bara daɗin lulluɓawa.

17. Hunturu baƙo ne, in ya ƙare kwanansa,
18. Bazara na bakin ƙofa tana jiran shigowa.

Kalmomi: aci-balbal, ƴar fitilar mai da lagwani da ake amfani da ita a da, haskenta kaɗan ne. Kuka a ɗango na 11 itaciya ce, wadda ake miya da ganyenta, ba kukan hawaye ba.

AYYUKA

Aiki na 1 (maki 8). Ku ja layi a ƙarƙashin kamantawa huɗu da ke cikin waƙar. A littafinku, ga kowace ɗaya ku rubuta lambar ɗango, abin da aka kamanta, abin da aka kamanta shi da shi, kalmar kamancen, sannan nau'in kamancen.

Aiki na 2 (maki 6). Ku zagaye ɗangogi uku da ke ɗauke da siffantawa. Ga kowanne ku faɗi halin da ya haɗa abubuwan biyu. Jimla ɗaya ta isa, amma ta fito daga waƙar.

Aiki na 3 (maki 8). Abubuwa huɗu aka mayar mutane ta hanyar aikin da suka yi. Ku sa tauraro a gefen ɗangogin, ku rubuta sunan abin da kalmomin da suka nuna haka.

Aiki na 4 (maki 4). Akwai "kamar" a ɗango na 13, akwai "fi" a na 16. Shin adon harshe ne? Ku kawo hujja.

Aiki na 5 (maki 4). Ku mayar da ɗango na 3 siffantawa, ku mayar da farkon ɗango na 5 kamantawa. Kada ma'ana ta canja.

SHAFIN MALAMI: AMSOSHI DA RABON MAKI

A cire wannan shafi kafin a raba takardar.

Aiki na 1. Ɗango na 3: hazo da mayafi, kamar, daidaito. Na 6: tsagewar ƙafa da ɓawon ɗorawa, tamkar, daidaito. Na 7: ruwan randa da ƙanƙara, fi, fifiko. Na 15: hasken rana da na aci-balbal, bai kai ba, kasawa. Maki 1 ga ɓangarorin biyu da kalmar, maki 1 ga nau'i.

Na 3 da na 6 kusan kowa kan samu. Na 7 da na 15 ne ke kuɓucewa, domin yara sun haddace cewa kamantawa ita ce inda aka ga kamar, to da zarar ba su gan ta ba sai su wuce. A na 6 kuma wasu kan rubuta cewa an kamanta kaushi da ɗorawa. A ba su rabi. Ba itaciyar ake nufi ba, ɓawonta ne mai tsagi-tsagi, kuma wanda ya taɓa kallon diddigen manomi a watan Janairu ya san me ya sa aka zaɓe shi.

Aiki na 2. Ɗango na 5: iska wuƙa ce, abin da ya haɗa su yanka, ga leɓɓa sun tsattsage. Na 9: murhu sarki ne, yara fadawa, abin da ya haɗa su kewayewa da rashin barin wurin, kamar yadda ɗango na 10 ya faɗa. Na 17: hunturu baƙo ne, ya zo zai tafi. Maki 1 ga ganowa, maki 1 ga dalili.

Kada a karɓi amsar da ta fito daga waje. Ɗalibi ya ce murhu sarki ne don yana da rawani ko don yana hukunci, wannan sanin sarki ne ba karatun waƙa ba. Wanda ya lura cewa siffantawa biyu ce a ɗango na 9, ko cewa an ja ta har ɗango na 10 ta zama doguwar siffantawa, a yaba masa a gefen takarda, amma makin yana nan 2.

Aiki na 3. Hunturu (1 da 2): bai yi sallama ba, ya ƙwanƙwasa ƙofa. Rana (4): ta leƙo, tana jin kunya. Kuka (11 da 12): ta tuɓe riga, tana roƙo. Bazara (18): tana bakin ƙofa tana jira.

A nan ne gardama ke tashi a aji, kuma gardama ce mai amfani, a bar ta ta ɗan yi tsawo. Wani zai ce ai sarki mutum ne, baƙo ma mutum ne, me ya hana ɗango na 9 da na 17 zama mutuntarwa? Bai yi kuskure ba gaba ɗaya. Ginin jimlar na siffantawa ne, wannan shi ne wancan, amma abin da aka siffanta da shi mutum ne, don haka ƙamshin mutuntarwa na ciki. Shi ya sa tambayar ta ce "ta hanyar aikin da suka yi". Murhu bai yi aikin komai ba a waƙar, yana zaune ne aka naɗa shi. Idan ɗalibi ya kawo murhu a madadin ɗaya daga cikin huɗun, kuma ya bayyana haka, a ba shi maki 1. Idan ya kawo shi ba bayani, babu.

Kuskure na biyu ya fi wannan yawa. Hausa na ba kowane suna jinsi, rana ta, hazo ya, sai yaro ya ga "ta" ko "ya" ya ɗauka an mayar da abu mace ko namiji. A nuna musu da misali a allo: "rana ta faɗi" maganar yau da kullum ce, "rana ta ji kunya" ita ce mutuntarwa. Haka "hazo ya rufe gari", rufewa ba aikin mutum kaɗai ba ne, ƙura ma na rufewa. "Hunturu ya sauka" shi kaɗai bai isa hujja ba, tun da muna cewa damina ta sauka ba tare da tunanin wani ado ba. Sallama da ƙwanƙwasa ƙofa ne suka tabbatar.

Ana samun wanda zai karanta kuka a matsayin hawaye duk da an yi bayani a ƙarƙashin waƙar. A tuna masa cewa kuka na zubar da ganye da rani ta tsaya da rassa tsirara, ganyen shi ne rigar. Kiran ganye riga ba tare da an ambaci ganyen ba siffantawa ce a ɓoye, ɗalibin da ya hango ta ya yi nisa.

Aiki na 4. Duka biyun ba adon harshe ba ne. "Kamar" a ɗango na 13 ƙiyasi take nufi, wajen ƙarfe bakwai, ba a kamanta Inna ko koko da komai ba. Gwajin mai sauƙi ne: a sa "wajen" a madadinta, idan jimlar ta zauna to ba kamantawa ba ce. A na 16 an kwatanta bargo da bargo, jinsi ɗaya, irin kwatancen da ake yi a kasuwa wajen ciniki. A ajiye shi kusa da na 15 da ke samansa, inda aka gwada rana da ƴar fitila, bambancin zai fito da kansa. A kowane ɗango, maki 1 ga "a'a", maki 1 ga hujja. "A'a" tsurarta ba ta wuce maki 1 ba.

Aiki na 5. "Hazo mayafi ne, ya rufe gari" ko "Hazo mayafin gari ne". "Iska kamar wuƙa take" ko "Iska na yanka tamkar wuƙa". Maki 2 kowace. Wanda ya cire kamar kawai ya bar "hazo ya rufe gari mayafi" bai gina jimla ba, maki 1. Wanda ya rubuta "iska ta fi wuƙa kaifi" ya yi kamantawa daidai, amma ya ƙara wa ma'anar gishiri daga daidaito zuwa fifiko, shi ma maki 1.

Rabon lokaci: minti 5 tunatarwa, 5 karatun waƙa, 25 aiki, 5 karɓar littattafai. Idan ajin ya haura ɗalibai 60 kuma takardar ba ta isa ba, a ba mutum biyu ɗaya, ko a rubuta waƙar a allo tun kafin a shiga, da lambobin ɗangogin, domin duk amsoshin a kan lambobin suka rataya. A duba bugun kafin a raba: injin da ba shi da ƙ, ɗ da ɓ kan mayar da ɓawon ɗorawa ya koma "bawon dorawa", ƙosai ya koma "kosai", sai a gyara da biro.